Zan je gaida surukina a Daura kuma kurma ne: in sunkuyar da kai ko in dube shi?

Ɗan_Ƙofar_Marusa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Magabatana sun riga sun je Daura an tsayar da magana, yanzu saura ni in je in gaida mahaifin yarinyar ranar Asabar mai zuwa. Dattijo ne, ya haura sittin, kuma kurma ne tun haihuwa. Sana'arsa wankin hula, a zauren gidansa yake yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mu dai an koya mana in ka je gaban suruki ka tuɓe takalmi daga nesa, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ba ka haɗa ido da shi har ka tashi. To ita kuma yarinyar ta ce mini in na kuskura na yi haka, Baba zai ɗauka ba na son magana da shi. In na ƙura masa ido kuma kawunnanta suna wurin, kada su ce an kawo musu mara kunya. Wanda ya san kan abin nan ya taimaka mini.

Sarkin_Zolaya: Ango ka huta! Suruki wanda ba zai tambaye ka nawa ne albashinka ba, ai sai godiya.

Maman_Ilham: Sarkin_Zolaya ka raina kurame ke nan. Wallahi sai ya tambaya, kuma sai ka ba shi amsa. Maƙwabcinmu a Rafin Daɗi kurma ne, babu labarin unguwar nan da yake wuce shi, sau da yawa ma shi ke fara ba mijina labari.

Injiniya_Batagarawa: Abu mai sauƙi. Ka shiga Yutub yau da dare, akwai darussa birjik. Gaisuwa ita ce ka kai hannu goshi ka sake shi waje kamar sarawar soja. Na gode kuma ka ɗora 'yan yatsu a haɓa ka miƙo hannun gaba. Ka haddace kamar guda goma, ka je ka burge shi. In abin ya kakare ka rubuta masa a waya.

Malamin_Kurame: Wa alaikumus salam. Injiniya, alamun da ka kawo daidai suke, amma ba na wannan dattijon ba ne. Waɗannan maganar hannu ta Amurka ce. Wani kurma baƙar fata Ba'amurke mai suna Andrew Foster ne ya kawo ta yankinmu, ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, daga nan ta zama ita ce tushen abin da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya. Yaron da ya yi makarantar kurame ta Malumfashi ko Tudun Maliki a Kano zai gane sarawar nan take. Amma mutumin da aka haifa a Daura shekara sittin da wani abu da suka wuce, wanda ya tashi a zaure yana wankin hula, da wuya a ce ya shiga irin wannan aji. Tudun Maliki ɗin ma sai a 1977 aka buɗe ta. Abin da yake yi ita ce maganar hannu tamu ta ƙasar Hausa, wadda kurame ke koya a wurin junansu a kasuwa da majalisa, da kuma wasu alamu na cikin gidansu da iyalinsa kaɗai suka sani. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinta, littafinta ya fito a 2000, kuma ta nuna harshe ne mai zaman kansa, ba Hausa ce ake kwaikwayo da hannu ba.

Saboda haka Ɗan_Ƙofar_Marusa, kafin komai ka tambayi yarinyar: Baba ya yi makaranta? Yana karatu, boko ko ajami? In amsar a'a ce, ka ajiye Yutub, ka ajiye rubutu a waya. Malamarka tana nan a hannunka, ita ce ta tashi tana magana da shi.

Ɗan_Ƙofar_Marusa: Na tambaye ta yanzu, Malam. Ta ce bai yi ba. Lissafin kuɗi dai ba a cutarsa, kuma yana gane lambobi a waya, amma ba ya karanta saƙo.

Injiniya_Batagarawa: To ai na gode ɗin dai ba za ta ɓaci ba, duk duniya an santa.

Hannu_Ke_Magana: Injiniya, ba duk duniya ba. Ni kurma ne. Sanƙarau na 1996 ne ya tafi da jina ina aji uku a firamare, daga baya aka kai ni Malumfashi. Ina yin ta makaranta, ina yin ta gida. Idan ka taɓa haɓa ka miƙa hannu ga tsohon da bai yi makaranta ba, zai iya ɗauka abinci kake nema, ko kana cewa ya yi magana. Godiya a wurin tsofaffinmu jinjina ce, ko hannu a ƙirji tare da ɗan rusunawa.

Ango, amsar tambayarka: ka dube shi. Mu ido ne kunnenmu. In ina yi maka magana ka kawar da kai, daidai yake da kana yi wa mai ji magana ya toshe kunnuwansa da yatsu. Abin yana da ciwo ƙwarai. Kunya ka nuna ta da jikinka, ba da idonka ba.

Hajiya_Ta_Kusugu: Ni fa ban yarda da wagga magana gaba ɗaya ba. Ni mutuniyar Daura ce, na san gidajenmu. Yaro ya zo gaida suruki ya tsare shi da ido ƙuri? Ko shi dattijon bai ji komi ba, 'yan'uwanshi da ke zaune za su riƙe abin, kuma su ne za su yi ta faɗi a cikin gida. Shi kurman ai cikinmu ya tashi, ya ga yadda surukai ke yi shekara da shekaru, ya san sunkuyar da kai ladabi ne. Mi zai sa ya ɗauke shi raini?

Hannu_Ke_Magana: Hajiya, ina gaisuwa. Gaskiyarki, ya sani. Ya san ladabi ne. Amma ki duba: mai ji in surukinsa ya sunkuya, gaisuwa tana ci gaba, ana ina kwana, ana ina gajiya, ana yaya mutanen Katsina. Shi kuwa da zarar yaron ya sunkuya, gaisuwa ta tsaya. Zai ɗaga hannu ya tambayi lafiyar iyayensa, ba wanda ya gani. Sai ya zauna yana kallon tsakiyar hular yaro har wani ya zo ya cece su. A gidansa, a zaurensa, 'yarsa ake nema, amma ya zama ɗan kallo. Wannan shi ne abin da muke sha kullum a taron suna da ɗaurin aure.

Malamin_Kurame: Ina ganin maganar Hajiya da ta Hannu_Ke_Magana za su iya zama a tabarma ɗaya in aka tsara shigar da kyau. Bari in bi ta daki-daki yadda zan yi in ni ne.

Tun daga waje ka rage kayan hannu. In ka zo da goro ko turare ko leda, abokin rakiyarka ya riƙe, ko ka ajiye da zarar ka shiga. In babbar riga ka sa, ka naɗe hannuwanta a kafaɗa, don in ta zubo ta rufe maka hannu ta rufe maka baki ke nan. Baƙin tabarau a aljihu, cingam ko goro a fitar daga baki.

Ka yi sallama da baki kamar kullum saboda sauran mutanen wurin, amma kada ka faɗa ciki don an amsa. Shi mai gidan bai san ka zo ba tukuna. Ka tsaya inda idonsa zai iya kai wa gare ka, ka jira ya ɗago. Mai wankin hula kansa a ƙasa yake yawanci, yana kan ƙwarya ko yana goga, to sai wani ɗan gida ya taɓa shi ya nuna masa ƙofa. Wannan aikin ɗan gida ne, ba naka ba, a zuwan farko. Sai ya gan ka ya yi maka alamar shigo, sannan ka tuɓe takalmi ka shiga.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne haske. Zaure duhu gare shi, ƙofa kuma haske. In ka durƙusa ƙofa tana bayanka, abin da zai gani baƙar inuwa ce mai hula, ba fuska ba ido. Ka ratse gefe yadda hasken ƙofa zai faɗo a fuskarka. Kada kuma ka matse shi. Ka bar kamar taku biyu tsakaninku, yadda zai gan ka daga kai har ciki ba sai ya yi ta juya wuya ba.

Sai ka durƙusa sosai, ka sunkuyar da kai sau ɗaya, daidai tsawon da za ka ce ranka ya daɗe a zuciyarka. Wannan na Hajiya ne da kawunnai, kuma shi ma Baba ya gani ya san an girmama shi. Daga nan ka ɗago, jiki yana ƙasa, kafaɗu a sassauce, ka yi jinjina da hannun dama, hagu tana tallafe da gwiwar hannun. Idonka a fuskarsa, ka saki fuska. Ba zare ido ake nufi ba. Kallon ɗalibi ne ga malaminsa lokacin da ake biya masa karatu. Kuma fuskar za ka duba, ba hannuwan ba. Sabon shiga yakan bi hannu da ido kamar mai kallon ƙwallo, alhali rabin maganar a gira da baki take, hannun kuwa gefen idonka zai kama shi.

Hajiya_Ta_Kusugu: To in da sunkuyawar farko, da sauƙi. Amma dai a gaya ma kawunnan tun kafin ya zo, kada abin ya zo masu bagatatan.

Maman_Ilham: Hajiya ai su ne suka tashi da shi ciki ɗaya. Su ma in za su yi masa magana dole su dube shi. Ni ina ganin su za su fi kowa jin daɗi in suka ga yaro ya san wannan.

Abu_Sumayya: Ina da tambaya ta ɓangaren addini. Na taɓa ji a wurin karatu cewa an hana sallama da nuni da hannu, wai koyi ne da waɗanda ba Musulmi ba. To yaya ke nan?

Almajirin_Gobarau: Abu_Sumayya, abin da malamai suka hana shi ne mutum ya bar lafazin sallama ya wadatu da ɗaga hannu alhali wanda yake gaisarwa yana kusa kuma yana ji. Kurma da wanda ke nesa hukuncinsu daban. Imam Nawawi ya kawo mas'alar a Al-Azkar: mai yi wa kurma sallama ya furta lafazin tunda yana da iko, ya haɗa da nuni yadda kurman zai fahimta. Haka in kurma ya yi maka sallama, ka amsa da baki ka haɗa da nuni. Shi kuma nuninsa ya isar masa. Saboda haka ango ya furta, ya kuma yi alama, bai bar ko ɗaya ba.

Hannu_Ke_Magana: Furtawar ma tana taimaka mana. Assalamu alaikum kowane kurma a ƙasar nan ya san siffarta a leɓe, don ya gan ta sau ba adadi. Amma a faɗe ta yadda aka saba. Masu wage baki suna ja a hankali suna ɓata siffar, sai mu kasa ganewa. Masu ihu kuma fuskarsu takan koma kamar ta mai faɗa.

Ɗan_Ƙofar_Marusa: To in yana karanta leɓe, ba sai in yi ta magana a hankali ba kawai?

Malamin_Kurame: Kada ka dogara da shi. Je gaban madubi ka ce baba, ka ce mama, ba tare da murya ba. Abu ɗaya za ka gani. Haka bara da mara da ɓara. Su k da g da ƙ kuwa can cikin baki ake yin su, ba a ganin komai. Ga Hausa da karin sauti da jan wasali, waɗanda ko kaɗan ba sa fitowa a leɓe. Wanda ya kurumce bayan ya iya magana, irin Hannu_Ke_Magana, yana cike giɓin da Hausar da ke kansa. Wanda aka haifa da shi bai taɓa jin kalmar ba, 'yan kalmomin da ya saba gani kullum kawai zai kama.

Gaisuwar kanta ba ta da yawa. Tambaya a hannu ita ce ka buɗe tafin hannu sama, ka ɗan ɗaga gira. To ka kwantar da kunci a tafin hannu, alamar barci, sannan ka yi alamar tambaya: an tashi lafiya ke nan. Ka nuna hulunan da ke kan ƙwarya ka yi tambaya: ya aiki. Ka nuna cikin gida ka yi tambaya: ya iyali. Shi kuma in ya tambaye ka, ka gyaɗa kai, ka ɗaga babban yatsa ko ka jinjina, ka buɗe hannu biyu sama alamar godiya ga Allah. Amma ka sa yarinyar ta nuna maka yadda Babanta yake yin kowace, ta kiran bidiyo ma ya isa, don alamar gida kaza takan bambanta da ta gida kaza. Ka kuma tambaye ta alamar da yake kiranta da ita da wadda yake kiran mahaifiyarta. Kurame suna raɗa wa kowa suna da hannu, yawanci daga wani abu na jikinsa, zane ko wushirya ko yadda yake kafa hula.

Sarkin_Zolaya: Wato ango ma za a raɗa masa. Allah Ya sa kada a kama kunnuwan nan.

Hannu_Ke_Magana: Sarkin_Zolaya za a kama kuwa in sun fito, kuma ba zagi ba ne. Nawa sunan tabon da ke goshina ne.

Malam, wuri ɗaya ban bi ka ba. Babban yatsa ga suruki a zuwan farko, ni ina ganin ya yi wasa da yawa, na abokai ne. Jinjina da hannu a ƙirji sun fi nauyi.

Malamin_Kurame: Na karɓa, kai ne ɗan gida a nan. Ko da yake na ga dattawa da yawa suna yin sa a tsakaninsu.

Baban_Khalifa: Ni shawarata daban. Ka bincika asalin kurumtar tukuna kafin a ɗaura. Akwai wadda ake gado. Kada ka zo ka tara 'ya'ya kurame.

Maman_Ilham: Baban_Khalifa, gaisuwa aka tambaya. Magabata sun gama magana kai kuma ka zo da naka.

Nas_Binta: Tunda an tayar, a taƙaice: akwai ta gado, amma da yawa a nan ciwo ne ke kawo ta, sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai mai tsanani, wasu allurai. Kuma mafi yawan kurame 'ya'yan masu ji ne, su ma mafi yawa masu ji suke haifa. Mai damuwa ya je asibiti ya tambaya. Mu koma kan gaisuwa, don ni ma ina da tawa matsalar. Ina sa niƙabi, a wurin aiki kuma takunkumi. Mace kurma in ta zo awo nakan ja labule in buɗe fuska, nan take sai ka ga hankalinta ya kwanta. Namiji fa? Ba zan buɗe ba, ba kuma zan taɓa shi ba. Yaya zan jawo hankalinsa in gaishe shi?

Hannu_Ke_Magana: Anti Binta, ki shigo ta gabansa ko ta gefe inda zai gan ki, ki ɗan kaɗa hannu ƙasa-ƙasa. In yana zaune a benci ko jikin tebur, ki ƙwanƙwasa katakon, zai ji motsin a jikinsa. Buga ƙafa a siminti ba ya aiki, kada ki wahala. In ɗaki ne mai ƙwan lantarki, ki kashe ki kunna sau ɗaya ko biyu. Da niƙabi gira da ido suna nan, ki yi aiki da su, ki ƙara girman gyaɗa kai. Za a gaisa. Doguwar magana ce za ta yi wuya, nan sai a nemo ɗan rakiyarsa ko takarda in yana karatu.

Amma kaɗa hannun nan a kula. Kada a ware yatsu biyar a tura tafin hannu saitin fuskar mutum. Kowa ya san sunan wannan a ƙasar Hausa, daƙuwa ce, kuma kurma ya fi kowa saurin ganinta. A haɗe yatsu, hannu a ƙasa da kafaɗa. Kada kuma a kife hannu ana lanƙwasa yatsu, wannan zo nan ne, ba a yi wa babba.

Mai_Shago_Sabuwar_Unguwa: Allahu akbar, wannan ta faru a gabana. Wani yaro mai sayar da ruwa ya ɗaga wa wani kurma mai gyaran takalmi hannu daga tsallaken titi, yatsu a ware, shi a nufinsa sannu. Sai ga mutum ya taso da guduma. Da ƙyar aka raba. Daga nan aka yi ta cewa kurame zuciya gare su.

Maman_Ilham: Zuciyar nan da ake faɗa, a tambayi abin da aka yi musu tukuna. Muna yara ana zuga mu wai in ka sa ganye a baki a gaban kurma zai bi ka da gudu, mu kuma muna ganin wasa ne. Ashe ce masa ake yi dabba, mai cin ciyawa. Wa za a yi wa haka ya yi dariya? Har yau in na ga yara suna jifan maƙwabcinmu da tsakuwa wai don ya juyo, sai na ci musu.

Hannu_Ke_Magana: Jifa, da jan riga ta baya, da dafa kai, da kama haɓa a juyo da fuska. Waɗannan huɗun a bar su. Taɓawa a kafaɗa ko dantse, sau biyu, da tafin hannu ba da tsinin yatsa ba. Kuma in mutum yana riƙe da dutsen guga ko wuƙa ko shayi, a jira ya ajiye, don firgita muke yi in ba mu ga tahowar mutum ba.

Ɗan_Ƙofar_Marusa: Allah Ya saka da alheri, ina ta rubutawa. Saura musabaha. In ba shi hannu ko kada in ba shi? Sannan ƙanen yarinyar zai zauna ya yi mana tafinta.

Hajiya_Ta_Kusugu: Kada ka fara miƙa hannu. In shi ya miƙo, ka kama da hannu biyu kana durƙushe.

Abu_Sumayya: Hajiya, musabaha sunna ce, babu laifi ƙarami ya fara. Durƙuson ma ai akwai magana a kansa.

Hajiya_Ta_Kusugu: Malam Abu, wannan muhawarar ku ce ta masallaci. Yaro mata yake nema a Daura.

Malamin_Kurame: Ko wa ya fara, abu ɗaya: a saki da wuri. Mun saba mu riƙe hannun mutum muna jero gaisuwa har ina gajiya ta uku. In ka riƙe hannun kurma haka ka hana shi amsawa. Ka kama, ka saki, ka kai hannu ƙirji, sannan a fara gaisuwar.

Batun tafinta kuma, nan ne mafi yawan mutane ke zamewa. Yaron zai yi magana, kunnenka zai ja idonka zuwa gare shi, kafin ka ankara kai da ƙanen matarka kuke hira, Baba yana gefe. Ka sa yaron ya zauna kusa da kai, ɗan baya kaɗan, yadda Baba zai gan ku ku biyu a kallo ɗaya, kai kuma fuskarka tana wurin Baba, muryar yaron tana zuwa maka ta gefe. Ka yi magana da Baba kai tsaye, Baba na zo gaishe ka ne, ba ka ce wa yaro gaya masa na zo gaishe shi ba. Ka faɗi kaɗan ka tsaya, don Baba ba zai iya kallon hannun yaro da fuskarka da ledar goro a lokaci guda ba. In za ka miƙa tsaraba, ka gama magana, sannan ka miƙa.

In wani abu ya ja hankalinka, waya ta yi ƙara ko wani kawu ya yi maka magana ko an kira salla, kada ka juya kawai. Shi bai ji abin da ka ji ba, abin da ya gani shi ne ka yanke shi. Ka ɗaga hannu alamar ɗan dakata, ka nuna abin da ya faru, hannu a kunne ka nuna wajen masallaci misali, sannan ka juya. In aka yi dariya a zauren, a gaya masa abin da aka yi wa.

Hannu_Ke_Magana: Wannan ta ƙarshen. Mutane su fashe da dariya, ka tambaya, a ce maka ba komai. Ba abin da na tsana kamarsa.

Ango, in ya yi maka alama ba ka gane ba, kada ka gyaɗa kai. Muna gane gyaɗawar ƙarya nan take, ido ne ke tona ta. Kuma ba ka san me ka amsa ba, wataƙila tambayarka ya yi ko kana da wata matar. Ka ɗan girgiza kai, ka buɗe hannu, zai maimaita ko ya sauya hanya. Mun saba, ba ma gajiya da wanda yake ƙoƙari.

Sarkin_Zolaya: Ko kuma ya ce sadaki miliyan biyu, ango yana ta jinjina.

Injiniya_Batagarawa: Ni dai har yanzu ina ganin ya koyi ta makarantar ma. Ita ce ake yi a talabijin gefen labarai, ita ce tafintoci suke yi a taro. Ta gida iyakarta zaure.

Hannu_Ke_Magana: Ya koya, zai amfana, samarinmu ita suke yi. Amma iyakarta zaure ba gaskiya ba ne. Da ta gida nake ciniki a Mai'aduwa ranar Lahadi da kuramen da suka tsallako daga Nijar, da masu ji ma, don mahauta da dillalai da yawa sun iya ta. Wadda nake yi a Malumfashi ba ta yi mini wannan.

Ɗan_Ƙofar_Marusa: Wani sabon abu ya taso. Ta ce Asabar da rana Baba zai je ɗaurin aure Sandamu, sai bayan magariba zai dawo, kuma unguwarsu an kwana biyu babu wuta. In ɗaga zuwa Lahadi da safe ko in je hakanan?

Maman_Ilham: Ka je da fitila mai caji mana, ka bar musu ita tsaraba.

Hajiya_Ta_Kusugu: Gaisuwar suruki ta fari da dare? A'a. Ka kwana wajen 'yan'uwa ka je da hantsi.

Hannu_Ke_Magana: In dole ta sa ka je da dare, fitila a ajiye ta a gefe tsakaninku, ta haska fuskarka da hannunka, shi ma ta haska nasa. Kada ka riƙe tocilar waya, ta cinye maka hannu ɗaya, kuma za ka dalle masa ido ba ka sani ba. Amma tsoho ne, ya wuni a taro yana ta bin fuskoki da ido, zai dawo a gajiye. Ni ma Lahadi zan ce. Sai dai ka tambaya ko yana zuwa Mai'aduwa kai huluna, in yana zuwa to ka riga shi da sassafe.

Ɗan_Ƙofar_Marusa: Bari in kira ta in ji.